Asid mai ƙarfi da asid mai rauni: yadda za ka gwada da hannunka, da abin da pH ke aunawa

Duk shekara idan firaktikal ɗin kemistiri na WAEC da NECO ya matso, akwai tambaya ɗaya da ke kayar da yaranmu na aji biyar da aji shida a nan Gusau, kuma na san haka abin yake a Ƙauran Namoda da Talatar Mafara har Birnin Kebbi. Za ka ajiye kwalba biyu, ɗaya HCl ɗaya CH₃COOH wato asid ɗin da ke cikin binega, duka biyun kaurinsu ɗaya, 0.1 mol a kowace lita, sai ka ce wanne ne zai fi shan soda, wato NaOH, kafin ya mutu? Kusan kowa HCl zai ce, saboda an koya masa cewa shi ne mai ƙarfi. To ba haka ba ne, soda ɗaya za su sha cif-cif. Wanda ya gane dalilin wannan ya gama da babin asid gaba ɗaya, shi ya sa zan bi abin daki-daki da waɗannan kwalabe biyun kawai, ba zan yi ta jero sunayen asid ashirin ba.

Abin da ke faruwa idan asid ya shiga ruwa

Kowane asid yana ɗauke da haidirojin da zai iya saki a cikin ruwa a matsayin H⁺. A gaskiya H⁺ ɗin ba ya yawo shi kaɗai, manne wa ruwa yake ya zama H₃O⁺, amma don sauƙin rubutu kowa H⁺ yake sawa, mu ma haka za mu yi. Bambancin mai ƙarfi da mai rauni duk yana wajen sakin nan ne. HCl da ya taɓa ruwa sai ya saki kusan duk abin da yake ɗauke da shi, ba ya rage komai. CH₃COOH kuwa ɗan kaɗan yake saki ya riƙe sauran, kuma wanda ya saki ɗin ma yana komawa yana sake mannewa, wani yana fita wani yana komawa, har a tsaya a wani daidaito.

```
HCl → H⁺ + Cl⁻
CH₃COOH ⇌ H⁺ + CH₃COO⁻
```

Ka lura da kibiyar. Ta sama hanya ɗaya ce, ta ƙasa je-ka-ka-dawo ce, kuma mai makin jarabawa yana duba ta, kar ka yi wasa da ita.

Ka ɗauka manoma biyu ne kowa ya noma gero buhu ɗari. Na farko ya kwashe duka ya zube a kasuwa rana ɗaya, na biyu ya kai buhu ɗaya ya bar casa'in da tara a rumbu, sai an saye wanda ya kai sannan ya ɗebo wani. Wanda ya shiga kasuwa ranar zai ce na farko ne mai hatsi, alhali dukiyarsu ɗaya. To pH abin da ke zube a kasuwa kaɗai yake gani, bai san da zaman rumbu ba. Soda kuwa mai saye ce da ba ta tashi sai ta ga ƙasan rumbu.

Daga nan sai ka raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Ƙarfi halin asid ɗin ne, ko duka yake saki ko ɗan kaɗan, kuma ba ka da ikon canza masa hali. Kauri kuwa kai ne ka ke da iko da shi, mol nawa ka zuba a lita nawa ta ruwa. HCl ko ka sirka shi da ruwan randa guda yana nan a mai ƙarfi, sai dai ya tsinke. CH₃COOH ko tsantsarsa ce ba ɗigon ruwa, mai rauni ne, sai dai mai kauri.

pH ɗin kansa

Wani masanin kemistiri ɗan ƙasar Denmak, Sørensen, shi ya fito da wannan ma'auni a 1909 lokacin yana aiki a ɗakin bincike na Carlsberg a birnin Kofanhegan. Matsalar da ya warware ta rubutu ce, domin yawan H⁺ a ruwa lamba ce mai jerin sifirai, irin su 0.0000001, kuma ba mai son ya yi ta ƙirga sifiri. Sai aka ce:

```
pH = −log[H⁺]
[H⁺] = 10^(−pH)
```

Wannan [H⁺] ɗin yana nufin mol nawa na sakakken H⁺ ke cikin lita ɗaya. Idan 0.1 ne, pH 1. Idan 0.01 ne, pH 2. Idan 0.001 ne, pH 3. Ka ga kenan duk taki ɗaya a kan sikelin ninki goma ne, kuma lambar tana tafiya ne a juye, H⁺ na ƙaruwa pH na sauka. Nan ne mutane ke ruɗewa, mutum ya ga pH 2 da pH 4 ya ce ai ninki biyu ne tsakaninsu. Ninki ɗari ne. Ruwan lemon tsami yana wajen 2 da ɗan ɗori, nono mai tsami yana tsakanin 4 da 4.5, wato sakakken H⁺ na lemon tsami ya ninka na nono kusan sau ɗari, duk da cewa duka biyun asid masu rauni ne a cikinsu.

A kalkuleta, don samun pH sai ka danna alamar ɗebewa, ka danna `log`, ka sa lambar. Don komawa baya daga pH zuwa [H⁺], a irin Casio da yara ke riƙewa `SHIFT` ne sannan `log`, shi ke ba ka 10 mai ɗauke da lamba a ka, sai ka sa pH ɗin da alamar ɗebewa a gabansa. Kar ka danna `ln` a madadin `log`, suna maƙwabtaka a jikin kalkuleta amma amsarsu ba ɗaya ba ce.

Mataki na farko, haɗa ruwan gwajin

Wannan aikin malami ne ko mai kula da lab, ba na ɗalibi shi kaɗai ba, kuma da tabarau na kariya. HCl mai kauri da ake sayowa a kwalba yana wajen kashi 36 cikin ɗari, kusan mol 11.6 a lita. Ka auni 8.6 cm³ ka zuba a cikin ruwan da ka riga ka sa a filas mai cin lita ɗaya, sannan ka cika zuwa layi, ka sami 0.1 kenan. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, musamman H₂SO₄ wanda ke ɗaukar zafi ya fantsamo wa mutum a fuska.

Tsantsar CH₃COOH tana wajen mol 17.4 a lita, don haka 5.7 cm³ a lita ɗaya ya isa. Idan makarantarku ba ta da ita, farar binega ta kanti wadda aka rubuta 5% a jikinta tana wajen mol 0.83, ka ɗebi 12 cm³ ka cika da ruwa zuwa 100 cm³, za ka zo kusa da 0.1. Ba zai zama cif ba, amma ya isa a ga abin da ake son gani. Soda kuwa, wato NaOH irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, giram 4 a lita ɗaya shi ne 0.1. Ka auna ta da sauri ka rufe robar, don tana zuƙar danshi da iskar CO₂, idan ta daɗe a buɗe nauyin da ka auna ba duka ne soda ba.

Maganar ruwa tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Tataccen ruwa ake so, kar ka ɗebo na rijiya ko na burtsatse, domin da yawansu suna ɗauke da gishirin bayikabonet da zai cinye wani ɓangare na asid ɗinka tun ba ka fara ba, kuma a tsinkakken asid ɓarnar ta fi fitowa. Wajen masu cajin batir ana samun tataccen ruwa, amma ka buɗe baki ka yi bayani, don idan ka ce ruwan batir kawai wani zai miƙo maka mai asid ɗin ne.

Mataki na biyu, yi lissafi kafin ka auna

Na HCl ba wahala. Tunda duka yake saki, [H⁺] daidai yake da kaurinsa, 0.1, pH kuma 1. Shi kenan.

Na CH₃COOH sai an nemo wata lamba da ake kira Ka, ita ce ke gaya maka iya sakin da asid mai rauni ke yi. Ta CH₃COOH ita ce 1.8 × 10⁻⁵ a zafin 25°C. Ka ce abin da ya saki x ne, to H⁺ zai zama x, CH₃COO⁻ ma x, wanda ya rage a riƙe kuma 0.1 − x. Da yake x ɗin ɗan mitsitsi ne, sai a yi kamar 0.1 − x ɗin 0.1 ne kawai.

```
Ka = x² / (0.1 − x) ≈ x² / 0.1
x = √(1.8×10⁻⁵ × 0.1) = 0.00134
pH = −log(0.00134) = 2.87
```

Tsaya a kan wannan 0.00134 ɗin ka dube ta da kyau. Cikin 0.1 da ka zuba, abin da ya fito kenan, kashi 1.3 cikin ɗari. Wato a kowane molikul dubu, sha uku ne suka saki haidirojin ɗinsu, sauran 987 suna nan riƙe da nasu. Idan ka raba 0.1 da 0.00134 za ka ga HCl ya ninka shi sakakken H⁺ wajen sau 75, alhali a sikeli tazarar ba ta kai taki biyu ba, daga 1 zuwa 2.87.

Wannan gajeriyar hanya ta watsar da x tana da iyaka. Bayan ka sami amsa ka raba x da kaurin farko, idan ya wuce kashi 5 cikin ɗari to hanyar ta fara yi maka ƙarya, sai ka koma ka warware lissafin a cike da 0.1 − x ɗinsa. Ga CH₃COOH, a 0.01 kana nan lafiya da ƙyar, a 0.001 kuwa sakin ya haura kashi 12, dole sai doguwar hanya.

Yanzu sai ka auna. Takardar pH mai launuka za ta nuna ja sosai a HCl, a CH₃COOH kuma ja mai ɗan haske zuwa ruwan lemo, wajen 3. Litmos ba zai taimake ka a nan ba, shi dai ja kawai zai yi a duka biyun, bai san ƙarfi ba bai san rauni ba. Idan kuna da mitar auna pH, kar ka yi mamaki ta nuna maka kamar 1.1 a HCl maimakon 1.0, ba lalacewa ta yi ba. Idan ayon suka yi yawa a ruwa suna takura wa juna, sai tasirin H⁺ ɗin ya ɗan gaza adadinsa, kuma mita tasirin take ji. A matakin sakandare ba a damuwa da wannan, amma ɗan jami'a zai haɗu da shi.

Mataki na uku, sirka su ninki goma

Wannan shi ne gwajin da na fi so, domin da shi za ka gane halin asid ɗin da ba a rubuta suna a kwalbarsa ba. Ɗebi 10 cm³ daga kowanne ka cika da tataccen ruwa zuwa 100 cm³, yanzu kowanne ya koma 0.01. HCl zai tashi daga 1 zuwa 2, taki ɗaya cur, domin ba shi da ajiya, abin da ke nan ne ruwa ya raba gida goma. CH₃COOH kuwa daga 2.87 zai koma wajen 3.37 ne kawai, rabin taki. Dalili shi ne da ka ƙara ruwa sai daidaiton nan ya gusa, waɗanda ke riƙe suka ƙara saki don cike gurbi, sakin ya tashi daga kashi 1.3 zuwa wajen kashi 4.2 cikin ɗari.

To ka ga dabara ta samu, ka sirka ninki goma, idan pH ya hau da 1 mai ƙarfi ne, idan ya hau da kusan rabi mai rauni ne. Sai dai gaskiya takarda ba ta iya nuna rabin taki da kyau, ido zai yi ta gardama a kan launi, wannan ya ce 3 wancan ya ce 4. Idan ba mita, ka sirka ninki ɗari, 1 cm³ zuwa 100 cm³, sai mai ƙarfi ya hau taki biyu mai rauni ya hau kusan taki ɗaya, wannan ko takarda za ta nuna.

Mataki na huɗu, a shayar da su soda

Kafin biret, idan akwai zaren magnesiyom a lab ɗinku ka kankare shi ya yi haske ka yanka biyu daidai, ka jefa a 50 cm³ na kowane asid. A HCl zai kama tafasa da kumfa nan take, a CH₃COOH sai ka ga ƙananan kumfa suna tasowa a hankali kamar ba sa so. Amma idan magnesiyom ɗin ya wadata, kamar giram 0.1 a kowanne, kuma ka yi haƙuri ka tara iskar har ƙarshe, duka biyun wajen 60 cm³ na haidirojin za su ba ka. Sauri ne ya bambanta, adadin bai bambanta ba.

Yanzu ɗebi 25 cm³ na HCl da fifet ka sa a filas, ka ɗiga fenolftalin ɗigo biyu ko uku, ka cika biret da NaOH 0.1 ka fara saki kana juya filas ɗin. Ruwan zai zauna fari tas har sai ka kusa 25 cm³, sannan ɗigo ɗaya ya mayar da shi ruwan hoda. Idan da mita a ciki za ka ga abin mamaki, a 12.5 cm³ pH ɗin bai wuce 1.5 ba, a 24.9 yana 3.7, a 25.1 ya yi tsalle ya koma 10.3. Wato tsakanin ɗigo huɗu ko biyar ya haye taki shida da rabi.

Ka maimaita da CH₃COOH. Shi ma a 25 cm³ zai juya. A nan ne wani yaro ya taɓa ce min, Malam, wanga abu akwai rikici, to mi ya sa aka ce mai rauni ne in dai soda guda za su sha? Amsar ita ce duk H⁺ ɗin da soda ta cinye, asid ɗin sai ya sake sakin wani don mayar da daidaitonsa, soda ta sake cinyewa ya sake saki, haka har ya ƙare tas. Mol 0.0025 ne a filas ɗin farko, mol 0.0025 ne a na biyu, kuma soda mol take ƙirgawa.

Hanyar da suka bi ce daban. CH₃COOH ya fara daga 2.87, ya ɗan hau da sauri, sannan ya yi ta jan ƙafa a tsakanin 4 da 5.5. A daidai rabin hanya, 12.5 cm³, pH ɗin zai zama 4.74, kuma wannan lambar ita ce −log na Ka ɗinsa, wadda ake kira pKa. Da haka ake gano Ka na asid ɗin da ba a sani ba, a kai shi rabin hanya a karanta mita. Sannan a ƙarshen hanya pH ɗinsa ba 7 ba ne, wajen 8.7 ne, saboda gishirin da ya samu, CH₃COONa, yana ɗan janyo H⁺ daga ruwa ya bar OH⁻ a sake.

Wannan ne ya sa zaɓen indiketa ba ganin dama ba ne. Fenolftalin yana juyawa tsakanin 8.2 da 10, ya dace da 8.7 ɗin. Metil oranj kuwa tsakanin 3.1 da 4.4 yake juyawa, a HCl ba matsala tunda tsallen ya ratsa ta wajen, amma ka sa shi a CH₃COOH ka ga ta kanka, launin zai yi ta sauyawa a hankali ba wani ɗigo da za ka ce nan ne, kuma kafin ka kai 8 cm³ ya riga ya koma rawaya, kai kuma ka rubuta amsar da ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na gaskiya ba. Idan ka ga launi na jan jiki maimakon ya juya farat ɗaya, fara zargin indiketa kafin ka zargi hannunka.

Sai a juya tambayar, wannan ma ana yinta a JAMB. Kwalba biyu duka pH 3, ɗaya HCl ɗaya CH₃COOH, wanne zai fi shan soda? HCl mai pH 3 kaurinsa 0.001 ne kawai. CH₃COOH kuwa kafin ya iya sakin 0.001 sai kaurinsa ya kai wajen 0.057. Idan ka ɗebi 25 cm³ na kowanne, HCl ɗin 0.25 cm³ na sodarmu zai kashe shi, kamar ɗigo biyar, shi kuwa CH₃COOH sai ya sha wajen 14 cm³. Mita ta ce su ɗaya ne, biret ya ce ɗaya ya ninka ɗaya fiye da sau hamsin, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa abin da yake aunawa daban.

Inda sikelin ke yaudarar mutum

An saba cewa 7 shi ne tsakiya, ba asid ba bes. Gaskiya ne amma a 25°C. Ruwa da kansa yana ɗan rabewa ya ba da H⁺ da OH⁻, kuma idan ka ninka su biyun a wannan zafin 1 × 10⁻¹⁴ ne, daga nan 14 ta fito, rabinta kuma 7. Da zafi ya ƙaru rabewar na ƙaruwa, a 40°C tsakiyar tana komawa wajen 6.8. Mu da muke ganin 40 da ɗoriya a watan Afrilu, lab ba fanka ba wuta, wannan ba labarin littafi ba ne. Ruwan bai zama asid ba, H⁺ da OH⁻ har yanzu kai ɗaya suke, tsakiyar ce ta matsa. Ban da haka tataccen ruwan da ya sha iska yana zuƙar CO₂ ya sauka ƙasa da 6, don haka kar ka gwada lafiyar mitarka da shi.

Mita ana saita ta ne da ruwan bafa, galibi na 4 da na 7, a wanke bakinta da tataccen ruwa tsakanin kowane awo. Idan an gama kar a bar bakin ya bushe kuma kar a jiƙa shi a tataccen ruwa, ruwan ajiyarta mai KCl ake sawa a murfin. Alamar mitar da ta gaji ita ce lamba ta yi ta rarrafe minti biyu uku ba ta tsaya ba, ko ta ƙi karɓar saiti.

Akwai kuma tarkon sirki. A ce maka HCl mai kauri 1 × 10⁻⁸, kai kuma ka danna kalkuleta ka rubuta pH 8. Ka tsaya ka yi tunani, ta yaya za a zuba asid a ruwa ya koma bes? A irin wannan tsinkewar H⁺ ɗin da ruwa ke bayarwa da kansa, 1 × 10⁻⁷, ya fi na asid ɗin yawa, dole a sa shi a lissafi, amsar tana fitowa 6.98. Duk yadda ka sirka asid zai yi ta matsowa 7 ne, ba zai tsallake ba. H₂SO₄ shi ma yana da nasa, haidirojin biyu gare shi, don haka a jarabawar sakandare 0.05 nasa ana ɗaukarsa [H⁺] = 0.1, pH 1, wanda ya manta ya ninka da biyu sai ya sami 1.3.

Kuma sikelin ba katanga gare shi a 0 da 14 ba. Asid ɗin batirin mota H₂SO₄ ne wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, mol 4 zuwa 5 a lita, pH ɗinsa yana ƙasa da sifiri. A irin wannan kaurin ba ma a dogara da pH, shi ya sa mai cajin batir nauyin ruwan yake aunawa da ɗan bututun nan mai abu yana yawo a ciki, cikakken caji wajen 1.27 zuwa 1.28.

Kar kalmar rauni ta sa ka sakaci. Tsantsar CH₃COOH tana ƙona fata, tururinta na hawa hanci da ido. HF asid ne mai rauni a lissafi, amma yana cin gilashi, yana ratsa fata ya shiga jiki, ya fi tsinkakken HCl haɗari nesa ba kusa ba. Idan asid ya zubo wa mutum, a cire tufar da ta jiƙe a yi ta kwarara ruwa mai yawa aƙalla minti ashirin, kar a ce za a kashe shi da kanwa ko soda a kan fata, kar a shafa manja ko man goge baki, idan ido ne ko ƙunar ta yi faɗi a wuce asibiti bayan wankin.

Manomi ma wannan lissafin na hawa kansa. Gonaki biyu za su iya nuna pH 5 a awo, ɗaya jigawa mai rairayi ɗaya laka irin ta fadamar Argungu ko filayen Bakolori, amma farar ƙasar noma da za a zuba don ɗaga pH ɗin ba ɗaya ba ce, laka ta fi ci sosai, domin ƙwayoyin laka da ruɓaɓɓen taki suna riƙe da asid a jikinsu suna saki a hankali duk lokacin da aka kashe wanda ke cikin ruwan ƙasar. Don haka idan aka kai ƙasa awo, lambar pH kaɗai ba ta isa a ce buhu kaza za a zuba ba, sai an yi awo na biyu na yawan farar ƙasar da gonar ke buƙata, kuma wanda ya daɗe yana zuba yuriya ko amoniyom salfet shekara da shekaru shi ya fi kamata ya nemi a yi masa duka biyun, don takin nan biyu suna ƙara wa ƙasa tsami a hankali.